Alajin fenisilin a katin asibiti: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin mutanen da aka taɓa ce wa jikinsu ba ya karɓar fenisilin, da iyayen yaran da aka yi wa wannan rubutu, da ma'aikatan lafiya masu cike kati. Abu guda za a riƙe tun daga farko: duk wanda ke da wannan rubutu a katinsa, kada ya gwada maganin da kansa a gida. Gwajin yana da wurinsa, kuma an yi bayaninsa a tambaya ta 9.

1. An rubuta mini "alajin fenisilin" a kati. Me hakan yake nufi?

Yana nufin wata rana wani ya ji labari, ko ya gani da idonsa, cewa wani abu ya same ka bayan ka sha fenisilin ko an yi maka allurarsa, sai ya rubuta domin a kiyaye. Gargaɗi ne, ba sakamakon gwaji ba. Mai rubutun zai iya zama likitan da ya ga fuskarka ta kumbura, zai kuma iya zama ma'aikaciyar jinyar da ta tambaye ka ranar buɗe kati, ka ce mata mahaifiyarka ta ce tun kana ƙarami ba ka shan sa. Duka biyun kalma ɗaya suke bari a takarda, kuma mai karantawa daga baya ba ya iya bambance su.

Alaji na gaske shi ne garkuwar jiki ta ɗauki maganin a matsayin abokin gaba, ta taso masa. Kusan mutum 1 cikin 10 na cewa yana da alajin fenisilin, amma idan aka gwada su yadda ya kamata, sama da 9 cikin 10 nasu suna shan maganin lafiya lau. Sai dai ɗan ragowar nan da alajinsu na gaske ne, kuskure ɗaya zai iya kai su ga halaka, shi ya sa ake girmama rubutun har sai an bincika.

2. Fenisilin magani ɗaya ne ko suna da yawa?

Dangi ne guda. A ciki akwai fenisilin na sha, da na allura irin benzatin mai daɗewa a jiki, da amoksisilin, amfisilin, kuloksasilin, fulukuloksasilin da fiferasilin. Hanya mafi sauƙi ta gane su ita ce a duba sunan asali na maganin a jikin kwali, ba sunan kamfani ba: idan ya ƙare da haruffan `-cillin`, ɗan gida ne.

Inda mutane ke faɗawa shi ne magungunan da aka haɗa biyu a ƙwaya ɗaya. Haɗin amoksisilin da kilabulanik, ko na amfisilin da kuloksasilin, suna zuwa da sunayen kasuwa iri-iri da ba su nuna akwai fenisilin a ciki ba. Mai alaji ya saba da karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin babban suna, ko ya tambayi mai harhaɗa magani kai tsaye: akwai dangin fenisilin a cikin wannan?

3. Yaya alaji na gaske yake bayyana?

Ana raba shi ta lokacin da ya ɗauka kafin ya fito. Na gaggawa yakan zo cikin sa'a guda bayan shan magani, wani lokaci har zuwa sa'o'i 6. Alamunsa su ne borin jini, wato fata ta tashi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, tabon yana ɓacewa nan yana ɓullowa can. Kumburin leɓe, ido, harshe ko maƙogwaro. Sarƙewar numfashi da shaƙewar murya. Jiri ko suma saboda jini ya sauka. Idan numfashi ko bugun jini ya shiga ciki, wannan shi ne anafilaksis, kuma maganinsa na farko allurar adirenalin ce a naman cinya, miligiram 0.5 ga babba, ba ƙwayar ƙaiƙayi ba. Irin wannan alajin sinadarin garkuwa mai suna IgE ne ke haddasa shi.

Na jinkiri kuwa yakan fito bayan kwanaki da fara shan maganin, wani lokaci ma bayan an gama. Mafi yawansa ƙananan ƙuraje ne jajaye ko masu duhu, a kwance suke, suna farawa daga ƙirji da baya su bazu, ba sa yawo kamar borin jini, kuma suna washewa cikin mako ɗaya ko biyu. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka sau da yawa da tafin hannu ake jin su kafin ido ya tabbatar.

Akwai kuma kaso na uku, ba shi da yawa amma shi ne mafi muni: fata ta yi ƙoƙon ruwa tana saluɓewa, baki da ido da al'aura su yi gyambo, kamar yadda ake gani a ciwon Stevens-Johnson, ko zazzaɓi da kumburin fuska da taɓuwar hanta ko ƙoda makonni bayan fara magani. Wanda ya taɓa shiga wannan hali, hukuncinsa daban ne, duba tambaya ta 10.

4. Duk lokacin da na sha amoksisilin sai na yi gudawa. Alaji ne?

A'a. Gudawa, tashin zuciya, murɗawar ciki, ciwon kai, da farin ƙaiƙayin gaba da ke biyo bayan maganin ƙwayoyin cuta, duk illolin magani ne da aka sani, kuma babu hannun garkuwar jiki a cikinsu. Haɗin amoksisilin da kilabulanik ya yi suna wajen sakin ciki. A rubuta su, amma a gurbin illar magani, kada a gurbin alaji. Banda guda ɗaya: aman da ya zo farat ɗaya tare da borin jini, kumburi ko jiri jim kaɗan bayan shan magani yana iya zama ɓangaren anafilaksis.

5. To ta yaya rubutun ke zama kuskure har haka?

Babbar ƙofar ita ce ƙuruciya. Yaro ya yi zazzaɓi da mura, a ba shi amoksisilin na ruwa, a kwana na uku ko na huɗu ƙuraje su feso. Iyaye da likita duk sai su ɗora wa maganin, alhali cututtukan bairos da yawa na yara su kansu suna fitar da ƙuraje daidai wannan lokaci, ko an sha magani ko ba a sha ba. Akwai ma bairos ɗin Epstein-Barr, mai kawo ciwon maƙogwaro da kumburin kaluluwa, wanda aka daɗe da sanin cewa mai ɗauke da shi yakan yi ƙuraje idan aka ba shi amfisilin ko amoksisilin, kuma yawancin irin waɗannan mutane suna shan maganin daga baya ba tare da komai ba. Yaron ya girma, ba wanda ya sake waiwayar maganar, rubutun yana bin sa daga kati zuwa kati.

Sauran hanyoyin sun haɗa da illar magani da aka kira alaji, kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 4, da ɗora wa fenisilin laifin wani maganin da aka sha tare da shi, da kuma maganar gado. Mutum ya ce babansa na da shi, sai a rubuta masa. Alajin iyaye ba hujja ba ce ta hana ɗa magani. Haka nan mai ciwon tunjere da aka yi wa allurar fenisilin yakan yi zazzaɓi da rawar sanyi cikin sa'o'i 24 na farko saboda mutuwar ƙwayoyin cutar, wanda bai sani ba sai ya ɗauka alaji ne.

Sannan ko alajin na gaske ne, ba lallai ya dawwama ba. Kusan rabin masu irin na gaggawa suna rabuwa da shi cikin shekara 5, kimanin kashi 80 cikin 100 kuma cikin shekara 10. Ke nan rubutun zai iya zama daidai ranar da aka yi shi, yau kuma ya zama tsohon labari.

6. Ina laifi idan na ci gaba da guje masa kawai? Ai akwai wasu magunguna.

Akwai, amma ba duka ne suka kai shi ba. Ga cututtuka da dama dangin fenisilin ne zaɓin farko saboda sun fi kashe ƙwayar da ake nufi kuma sun fi sauƙi a jiki. Da zarar likita ya ga rubutun sai ya koma ga irin su kilindamaisin, bankomaisin ko sifurofuloksasin, waɗanda ko dai ba su kai ƙarfin na farko a kan wannan cuta ba, ko suna share ƙwayoyin hanji masu amfani, ko suna da nasu illolin ga ƙoda da jijiyoyi. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago.

An auna wannan. Wani babban bincike da aka yi da bayanan marasa lafiya a Birtaniya, aka wallafa a 2018, ya nuna masu wannan rubutu sun fi sauran kamuwa da ƙwayar MRSA mai bijire wa magani da kashi 69 cikin 100, da kuma wata mummunar gudawa da ake yawan kamuwa da ita a asibiti da kashi 26 cikin 100. Wani binciken da aka yi a Amurka, shi ma aka wallafa a 2018, ya gano cewa haɗarin ruɓewar wurin tiyata ya ƙaru da kusan rabi a gare su, domin an hana su sefazolin, maganin da aka fi dogara da shi kafin a yanka. Mai sikila da ke buƙatar fenisilin na kariya, da mai ciwon zuciyar da ya samo asali daga ciwon maƙogwaro wanda ke karɓar allurar benzatin duk bayan makonni, su rubutun kuskure ya fi yi wa ɓarna.

7. Me ya kamata a rubuta a katin, in ba kalmar "alaji" kaɗai ba?

Labarin ake so. Da farko sunan maganin takamaimai, na asali da na kamfani idan an sani, da yadda aka ba da shi: ƙwaya, ruwa ko allura. "Fenisilin" kawai bai isa ba idan amoksisilin aka sha. Sai dalilin da ya sa aka ba da shi, domin cutar kanta tana iya zama mai laifin. Sai ranar da abin ya faru, ko aƙalla shekarar, ko shekarun mutum a lokacin. Sai tazara: minti nawa ko sa'a nawa bayan sha na ƙarshe, kuma a kwana na nawa da fara maganin. Wannan tazarar ita ta fi komai amfani, ita ce kuma aka fi mantawa.

Daga nan a siffanta abin da aka gani da kalmomin da kowa zai gane: ƙuraje a kwance ko borin jini, a ina, akwai kumburi, numfashi ya taɓu, baki ya yi gyambo, fata ta saluɓe. A faɗi abin da aka yi: an dakatar da magani kawai, an sha ƙwayar ƙaiƙayi, an yi adirenalin, an kwantar. A ambaci sauran magungunan da ake sha a lokacin. A ƙara da tambayar da ke warware rabin matsalar nan take: tun daga lokacin, ya sake shan wani ɗan dangin fenisilin, kuma me ya faru? Mutane da yawa sun sha amoksisilin sau da dama bayan rubutun ba tare da sun san dangi ɗaya ba ne. A ƙarshe a nuna daga bakin wa labarin ya fito, kuma zato ne ko an tabbatar.

Kwatanta waɗannan biyun. Na farko: "Alaji: fenisilin." Na biyu: "Amoksisilin na ruwa, tana shekara 4, saboda zazzaɓi da mura. Ƙananan ƙuraje a ƙirji da baya a kwana na 4. Babu kumburi, numfashi lafiya, baki da ido lafiya. An dakatar da magani, ba a ba da komai ba, ya washe cikin mako. Ba ta sake sha ba. Daga bakin mahaifiya, ba a tabbatar ba." Na biyun bai fi minti biyu a rubuta ba, amma da shi likita zai iya yanke shawara. Idan abin yanzu yake faruwa, a ɗauki hoton fatar da waya a ajiye kwalin maganin. Idan kuma an tambaya mutum bai tuna komai ba, a rubuta cewa bai tuna ba. Kada a cike gurbin da hasashe.

8. Yaya likita ke gane ko haɗarina babba ne ko ƙarami?

Daga wannan labarin dai. Ɗaya daga cikin ma'aunan da ake amfani da su ga manya shi ne PEN-FAST, wanda masu bincike a Ostireliya suka wallafa a 2020. Tambayoyi uku ne. Abin ya faru cikin shekara 5 da suka wuce? Maki 2. An yi anafilaksis, ko kumburin fuska da maƙogwaro, ko mummunan ciwon fata? Maki 2. An buƙaci magani domin kwantar da shi, ko ba a san ko an buƙata ba? Maki 1. Wanda makinsa bai kai 3 ba yana cikin masu ƙaramin haɗari, kuma ƙasa da kashi 5 cikin 100 nasu ne gwaji ke nuna suna da alaji.

A ɗauki yarinyar da ke cikin rubutu na biyu a tambaya ta 7, a ce yanzu shekarunta 34 kuma za a yi mata tiyata. Abin ya shekara 30, babu maki. Babu kumburi ko mummunan ciwon fata, babu maki. Ba a ba ta komai ba, babu maki. Jimla sifili, kuma irinta ce ake ba wa maganin ta sha a gaban ma'aikata ba tare da gwajin fata ba. Sai kuma a ce wani magidanci ne da shekara 2 da suka wuce ya haɗiyi kafson amoksisilin, cikin minti 20 jikinsa ya tashi, leɓensa ya kumbura, har aka yi masa adirenalin. Makinsa 5, cikakke. Shi ba a fara masa da sha ba, wurin ƙwararren likitan alaji za a tura shi, kuma kafin nan rubutunsa yana nan daram. Kalma ɗaya ce a katinsu su biyun.

Ma'aunin mataimaki ne kawai. Da manya aka gina shi, kuma ba ya maye gurbin tambayar da likita zai yi game da taɓuwar hanta, ƙoda ko jini.

9. Yaya ake yin gwajin?

Ga mai ƙaramin haɗari, gwajin sha ake yi. Ana zaɓar ranar da mutum yake lafiya, ba ya fama da asma mai tashi, kuma ya dakatar da ƙwayoyin ƙaiƙayi kwanaki kafin nan domin kada su rufe alamu. A auna jini da bugun zuciya da numfashi, a duba fata tun kafin a fara don kada a ɗora wa maganin tsohon ƙurji. Sai a ba shi amoksisilin miligiram 250 ko 500 lokaci guda, ko a raba: kashi ɗaya cikin goma tukuna, bayan minti 30 a ba da sauran. Ana zaunar da shi aƙalla sa'a guda, da adirenalin a kusa da wanda ya iya amfani da ita. Wannan tanadin shi ne bambancin gwaji da ganganci, shi ya sa ba a yin sa a gida. Bayan an sallame shi, idan ƙuraje suka fito cikin kwanakin da ke biye, ya koma ya faɗa. Wani gwaji da aka wallafa a 2023 ya kwatanta wannan hanya da ta fara gwajin fata a kan masu ƙaramin haɗari, aka samu sakamakonsu ɗaya.

Ga wanda labarinsa ya yi kama da alajin gaggawa, da fata ake farawa. Ana ɗiga ruwan maganin a hannu a ɗan tsaga fatar, a jira minti 15 zuwa 20. Idan ba ta tashi ba, a shigar da ɗan kaɗan cikin fatar da ƙaramar allura a sake jira. Ana saka ruwan gishiri da histamin, sinadarin da ke sa fata ta tashi, a gefe domin a tabbatar fatar na amsawa yadda ya kamata. Ko fata ba ta nuna komai ba, sai an kammala da gwajin sha kafin a ce an wanke mutum. Gwajin jini na IgE shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin yana kuskure masu alaji da yawa.

10. Akwai wanda ba a yi wa gwajin sha ko kaɗan?

Akwai. Duk wanda fatarsa ta taɓa saluɓewa ko yin ƙoƙon ruwa, ko bakinsa da idonsa suka yi gyambo, ko maganin ya taɓa masa hanta ko ƙoda, ko ya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini. Waɗannan ba sa cikin alajin da ake sa ran shekaru za su goge, kuma gwajin fata na minti 20 ba ya gano su. Su rubutun nasu na dindindin ne, ya kamata ma a rubuta shi dalla-dalla yadda ba wanda zai yi kuskuren cire shi.

11. An ce in guji su seftiriyakzon ma. Haka ne?

Tsohuwar koyarwa ce cewa mutum 1 cikin 10 masu alajin fenisilin zai yi alajin dangin sefalosforin, wato dangin da seftiriyakzon da sefazolin suke ciki. Adadin ya samo asali ne daga shekarun 1960 da 1970, lokacin da sefalosforin na farko ke ɗauke da ɓurɓushin fenisilin daga wurin sarrafawa. Abin da aka sani yanzu shi ne haɗarin bai wuce kusan kashi 2 cikin 100 ba, kuma ya ta'allaƙa ne ga wani reshe da ke jikin ƙwayar sinadarin. Magungunan da reshensu ya yi kama su ne ke rikita garkuwar jiki: amfisilin da sefaleksin da sefakulo reshensu ɗaya, haka amoksisilin da sefadiroksil. Seftiriyakzon reshensa daban ne, sefazolin kuwa bai yi tarayya da kowane fenisilin ba.

A nan ne amfanin rubuta takamaiman sunan magani, kamar yadda tambaya ta 7 ta nema, yake fitowa fili. Mutanen tambaya ta 10 dai ba sa cikin wannan sassauci sai da shawarar ƙwararre.

12. Ina da ciki, an ce sai fenisilin, ga shi kuma ina da alaji. Yaya za a yi?

Wannan yakan taso ne a ciwon tunjere, inda fenisilin ne maganin da aka tabbatar yana warkar da uwa ya kuma kare ɗan da ke ciki. Za a fara da tantance labarinki, domin mai yiwuwa ba ki da alajin. Idan ya tabbata na gaggawa ne, akwai hanyar saba wa jiki da maganin: a asibiti, ana farawa da ɗan mitsitsi, ana ninkawa duk minti 15, har a kai cikakken awo cikin kusan sa'o'i 4. Wannan sabawar ta ɗan lokaci ce. Da zarar maganin ya bar jiki alajin na nan, don haka ba a goge rubutun bayan an gama.

13. Gwaji ya nuna ba ni da shi. Shi ke nan?

Saura aikin takarda, kuma a nan ake yawan yin sake. Rubutun na dawowa: an cire shi a asibiti ɗaya, yana nan a wani, ko mutum da bakinsa ya sake faɗa saboda sabo. Ka karɓi takarda mai ɗauke da ranar gwajin, sunan maganin, awon da ka sha da sakamakon, ka kai wa duk inda kake da kati, har da likitan haƙori da wurin karɓar magani. Ya fi kyau kada a share tsohon rubutun kawai, a rubuta kusa da shi cewa an gwada a rana kaza an sha amoksisilin lafiya, domin wanda ya ci karo da tsohuwar takarda kada ya mayar. Ka sanar da mutanen gida, tunda su za a tambaya ranar da ba ka iya magana.

Sakamakon yana mayar da kai daidai da sauran mutane ne, bai ba ka tabbacin har abada ba, domin kowa na iya samun sabon alaji. Idan wani abu ya sake faruwa bayan shan maganin, a dakatar, a nemi likita, a rubuta shi sabo da cikakken bayanin da tambaya ta 7 ta lissafa.